Mece ce Hausar EDD da ake bugawa a takardar sikanin?

Sista Rabi, Daura: Salamu alaikum. Muna shirya 'yar takarda da za mu riƙa raba wa mata ranar awo, mun zo kan EDD, wato ranar da ake lissafa wa mai ciki za ta haihu, mun cije. Yawancinmu "ranar haihuwa" muke cewa, kuma tana jawo mana rigima. Ranar na wucewa da kwana biyu sai ga miji a bakin ƙofa yana cewa a sa ruwan naƙuda. Alhali cikin mata ɗari, wajen biyar ne kawai ke haihuwa a ainihin ranar. Ku taimaka da kalmar da ba za ta yaudari mutane ba.

Malam Lawal, Katsina: Wa alaikumus salam, Sista. Kintace muke da shi, muna da ƙiyasi, muna da tsammani. Ni dai "ranar kintace" ta fi kwanta mini, tunda na'ura tana kallon girman yaro ne ta yi hasashe.

Abdulhadi mai sikanin: Malam, da gyara kaɗan. Ba daga na'ura ranar take farawa ba. Asalinta lissafi ne: ranar farko ta al'adar ƙarshe, a ƙara kwana 280, wato sati 40. Ga masu ƙirga da watan sama, wata tara ne da kusan sati biyu. Aikin sikanin shi ne ya gaskata wannan lissafi ko ya gyara shi, musamman ga wadda ta manta ranar, ko mai goyon da ciki ya shiga ba ta ga al'ada ba.

Kafin sati 14 abu ɗaya muke aunawa, tsawon ɗan tayi daga tsakar kai zuwa mazaunai, shi ne CRL a takarda. A wannan lokaci kusan duk 'yan tayi tafiyarsu ɗaya, ɗan dogo da ɗan gajere ba su rabu ba tukuna, don haka kuskuren ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. Daga nan yaro ya fara lanƙwashewa yana miƙewa, tsawonsa ba abin dogaro ba ne, sai mu koma faɗin kai da kewayensa, BPD da HC, kewayen ciki, AC, da tsawon ƙashin cinya, FL. Na'ura na ɗauke da jadawalin awon yaran da aka san satinsu, irin na Hadlock na shekarun 1980. Kowane awo ta ba shi satinsa, ta haɗa, ta fitar da rana.

Maman Walid: Ni ba kalma ta kawo ni ba, ku yi haƙuri. Ƙanwata ce. Al'adarta ta ƙarshe 10 ga Janairu, aka ce mata 17 ga Oktoba. Ta yi sikanin 4 ga Afrilu, aka rubuta CRL 54, aka ce ranar ta yi daidai. Shekaranjiya, 22 ga Agusta, ta sake yi a wani wuri, takarda ta fito da 31 ga Oktoba. An rubuta HC 283, FL 58, AC 240. Wanne za mu kama?

Hajiya Indo: 'Yar nan, ai wannan ba sai an tambayi na'ura ba. Cikin ne ya kwanta na sati biyu, zai tashi. Mun sha gani tun ba a kawo waɗannan injina ba.

Abdulhadi mai sikanin: Hajiya, Allah ya ƙara girma, a nan kam ba zan bi ki ba. Kwanakin ciki ba sa tsayawa. Abin da ke iya ja baya girman yaro ne, kuma wannan ba abin zama a jira ba ne.

Maman Walid, 17 ga Oktoba za ku kama. Milimita 54 na CRL sati 12 ke nan, ya yi daidai da lissafin al'adarta, magana ta ƙare tun ranar. Shekaranjiya cikinta sati 32 yake. Yanzu dubi awon ɗaya bayan ɗaya. Kewayen kai 283 na wajen sati 31 ne, ba laifi. Ƙashin cinya 58 na sati 30 ne. Kewayen ciki 240 kuwa na sati 28 ne, an bar shi a baya da sati huɗu. Na'ura ba ta san an yi sikanin a Afrilu ba, sai ta tattara su ta ce sati 30, ta tura ranar gaba.

Dalilin da ya sa ake auna wurare dabam-dabam ke nan. Kai da ƙashin cinya sun fi bin kwanakin ciki. Kewayen ciki kuwa labarin ƙoshi yake bayarwa, domin a daidai hanta muke yanka hoton, inda tumbi ke fitowa, kuma hanta ita ce rumbun yaro. In mabiyiya ba ta kai masa abinci yadda ya kamata, jikinsa yakan fifita ƙwaƙwalwa da jini, hanta da kitse su rame. Sai ka ga kai yana tafiya, ciki ya tsaya. Hawan jini na kawo haka, zazzaɓin cizon sauro ma yana kawowa. Mai ciwon suga kuma akasi ake gani, cikin yaron ne ke yin gaba.

Ban ce lallai abin da ke damun yaronta ke nan ba. Kewayen ciki shi ya fi saurin ba da kuskure: in aka yanka a karkace, ko aka danna na'ura da ƙarfi, lamba ta canza. Amma ta kai wa likita takardun biyu tare, cikin satin nan. Za a duba jininta da fitsari, a sake awon, a duba ruwan da yaro ke ciki da gudun jini a igiyar cibiya. In ta ji motsinsa ya ragu, kada ta jira gari ya waye.

Sista Rabi, Daura: Abin da ke ba ni haushi ke nan, wallahi. Kowane sikanin sai ya buga sabuwar rana, mace ta riƙe ta ƙarshe don gani take ita ce sabuwa. Alhali ta farko ta fi. Daga sati 14 zuwa wajen 21 kuskuren kwana bakwai zuwa goma ne, bayan sati 28 yana kai sati uku ta kowane ɓangare. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a yi sikanin ɗaya kafin sati 24, amma matanmu sai ciki ya fito zane ya ɗage suke zuwa.

Malam Lawal, Katsina: To in haka ne na janye kintace, don mai kintace yana iya sake wani gobe. Me zai hana "ranar cikar sati arba'in"? Ba ta yi alkawarin haihuwa ba, kuma ba ta motsi.

Hajiya Indo: Malam, wace mace ce a ƙauye ke ƙirga ciki da sati? Kuma kana cewa arba'in, wanka za ta tuna. Ku ce "ranar tsammani" kowa ya gane.

Abdulhadi mai sikanin: Ta Malam ta fi daidai a ilimance, ta Hajiya ta fi shiga kunne. Inda nake da shakka shi ne wadda ta zo sikanin farko a wata na takwas, ba ta tuna al'adarta ba. Dole mu ba ta rana daga kai da cinya da ciki, amma in yaron ƙarami ne don rashin ƙoshi, awo ɗaya ba zai bambance shi da mai ƙarancin kwanaki ba. Sai an sake bayan sati biyu ko uku a ga ko yana ƙaruwa. Ita wannan ko "tsammani" ya yi mata ƙarfi.

Sista Rabi, Daura: Zan sa "ranar tsammanin haihuwa", a ƙasa in rubuta cewa daga sati uku kafinta zuwa sati biyu bayanta duk lokaci ne, kuma ba a canza ta da sikanin da aka yi daga baya. Ta masu zuwa a makare na bar ta a buɗe, mai shawara ya kawo. Maman Walid, in a Daura ƙanwarki take, ta zo da takardun nan gobe da safe.