Takarda ɗaya ta ishi ma'aikata duka? Muhawara kan gidan fiyawota

Alhaji Bala, Sabon Gari: Ina da ƙaramin gidan fiyawota. An zagaya an rubuta mana haɗurran wurin a takarda ɗaya: santsin ƙasa, wutar lantarki, injin liƙe leda, ƙarar janareto. Yanzu wai sai na sake wata don mai juna biyu, da yaro ɗan 16, da wani kurma da ke wurina. Ni a ganina haɗari bai san fuska ba. Santsin da zai kayar da ƙato shi zai kayar da mai ciki.

Injiniya Sani: Alhaji, kana da gaskiya. Injin ɗaya ne, ƙasar ɗaya ce. A gyara wurin ya yi kyau ga kowa, magana ta ƙare.

Malama Hadiza, Samaru: Injiniya, gyaran da zai amfani kowa shi ake fara yi, ban musa ba. Amma takardar tana auna abu biyu ne, yiwuwar abin ya faru da kuma munin abin da zai biyo baya, kuma duka biyun suna sauyawa da mutum. Mu ɗauki lodi. Ƙullin ruwa rabin lita ne, jaka guda ƙulli 20, wato kilo 10. A ce mai cikin nan tana jera jaka 300 a yini: tan uku ke nan suka bi ta ƙugunta, kuma kowace daga ƙasa take sunkuyawa ta ɗauko. Ga namiji lafiyayye an rubuta “haɗari kaɗan”, ba laifi. Ita kuwa jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna saki lokacin ciki, sannan in cikin ya fito ba ta iya rungumo jakar kusa da jiki, sai ta riƙe ta daga nesa, abin da ke ƙara wa baya nauyi. Ga shi ba ta ganin inda take taka ƙafa a siminti mai ruwa. Faɗuwar da ƙato zai tashi ya kaɗe wando, ita tana iya kai ta asibiti da zubar jini.

Ɗanjuma Kwangila: To ai da sauƙi. Alhaji ya sallame ta ta je ta haihu lafiya. Mace mai ciki me ya kai ta masana'anta?

Maman Ilham: Ƙanena, abin da ya kai ka shi ya kai ta. Ni da cikin wata bakwai na yi aiki a wani gidan burodi, ranar da suka gane suka ce in huta, hutun da har yau ba a kira ni ba. Shi ya sa mata ke ɓoyewa cikin hijabi har sai ciki ya tsufa. In kora ce maganin, ba wadda za ta faɗa muku.

Malama Hadiza: Maman Ilham ta taɓo inda ke ciwo, domin ba a gyara wa cikin da ba a san da shi ba. Alhaji, ba sabuwar takarda za ka faro daga tushe ba. Ka ɗauko tsohuwar, ku zauna da ita matar, in da wata babbar mace a wurin ta fi sakin jiki, ku bi layi-layi kuna tambayar ko wannan ya sauya a kanta. Abin da zan fara taɓawa shi ne tsayin da take ɗauka. A daina ɗauko jaka daga ƙasa ko ɗora ta sama da kafaɗa, a sa teburi daidai ƙugu. In hakan bai yiwu ba, ta koma ƙirga ƙulli cikin jaka a zaune, ko rubuta kayan da suka fita. A ba ta kujera, da izinin zuwa bayan gida da shan ruwa ba sai ta roƙa ba, musamman a zafin Maris da Afrilu ƙarƙashin kwano. Kuma a sake zama duk bayan 'yan makonni, don aikin da ta iya a wata huɗu ba shi za ta iya a wata takwas ba. In ta dawo daga awo da wata shawara ta likita, ita ke gaba da tawa.

Barista Usman: Ta fuskar doka, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya ba ta damar barin aiki mako shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, kuma ya hana a sa ta aiki mako shida bayan haihuwa. In ta yi wata shida tana aiki, tana da aƙalla rabin albashi a wannan lokacin, kuma ba a ba ta takardar kora tana cikin hutun. Shi kuma yaron, sashe na 59 ya hana ɗan ƙasa da 15 aiki a masana'anta, ya hana ɗan ƙasa da 16 aikin inji.

Alhaji Bala: Barista, ke nan nawa ya tsallake, ya cika 16.

Malama Hadiza: Ya tsallake wannan layin kawai, Alhaji. Ƙarfi yana da shi. Abin da ba shi da shi shi ne bakin cewa a'a. Leda ta maƙale a bakin injin nan mai zafi, babba zai kashe ya jira. Yaro zai zura hannu injin na tafiya don kada a ce ya tsayar da aiki. Ka tsaya daga nesa ka kalle shi ranar da leda ta maƙale, za ka ga abin da takardarka ba ta gani ba. Sai a rubuta ƙarara cewa ba ya cire maƙalewa, ba ya zama shi kaɗai da injin, kuma a ambaci sunan babban da ke kula da shi. Aikin dare ma a cire shi.

Injiniya Sani: Kurman dai na sama masa mafita. A ba shi ɗakin janareto, tunda ƙara ba ta dame shi ba.

Isiyaku, Tudun Wada: Injiniya, ni da na'urar ji nake yawo, bari in amsa. Yawancinmu muna da ɗan sauran ji, kuma da shi muke lallaɓawa. Ka kai mutum inda ƙara ta haura desibel 85 ya yini, ka ƙarasa masa abin da ya rage. Sannan in sautin injin ya sauya ba zai ji ba, in an yi ihun gobara daga waje ba zai ji ba. Abin da na fi tsoro a irin wurin nan ma motar lodi ce in tana baya. A sa fitila mai walƙiya tare da ƙararrawa, a raba hanyar mota da ta ƙafa, a ware mutum biyu da za su taɓa shi in wani abu ya tashi, saboda ɗaya na iya yin fashin aiki. Kuma ku tambaye shi da kansa, da hannu ko a rubuce. Ya fi ku sanin inda yake shan wahala.

Ɗanjuma Kwangila: Duk wannan ɗawainiya, gobe Alhaji ya ce ba zai ƙara ɗaukar mai lalura ba, wa aka cuta?

Barista Usman: Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta ƙin mutum saboda lalurarsa. Aiwatarwa kuma wani zance ne.

Alhaji Bala: Fitila da teburi ba su fi ƙarfina ba, na ji. Ga inda na tsaya: masu lodi da yawan jaka nake biyansu. In na mayar da ita ƙirga a zaune kuɗinta zai ragu, in na biya ta kamar da, sauran za su yi ƙorafi.

Maman Ilham: Rage mata kuɗi ai korar ce, ta bayan gida.

Injiniya Sani: Su ma masu ɗaukar tan uku suna da baki, Hajiya.

Malama Hadiza: Ka ɗauki abin da take samu a watannin baya ka mayar mata da shi albashin mako na wannan lokacin. Teburin kuma ka bar shi ga kowa, bayan mazan ma zai huta. Barista, wadda ake biya da yawan jaka kuma ba ta da takardar ɗaukar aiki, rabin albashin nan ya shafe ta?

Barista Usman: Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a dokar. Wahalar ita ce ta nuna ta cika wata shida. Alhaji, akwai littafin da kuke rubuta biya?

Alhaji Bala: Akwai, amma jimillar rana muke rubutawa, ba suna.