Wace kalma za mu sa wa abin da Turawa ke kira firesha? Darasi na gobe da safe

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe takwas ina da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, darasin dalilin da ya sa bangon dam da na tankin ruwa suka fi kauri daga ƙasa. Da Hausa nake son yi, amma na maƙale a kan firesha. Na rubuta "nauyin ruwa na ƙaruwa da zurfi", sai na ji bai kwanta mini ba. Ku taimaka kafin isha.

Abban Walid: Wa alaikumus salam. Nauyi ai ya yi, Malama. Ruwan ƙasa yana ɗauke da na samansa, kamar buhun da ke ƙasan lodi.

Injiniya Kabiru: Abban Walid, ka kama rabi. Nauyin ruwan sama ne sanadi, amma ba shi ne abin ba. A ɗauki rijiya mai zurfin ruwa mita 10, da tafki mai faɗin gari guda, shi ma mita 10. Nauyinsu ko kusa ba ɗaya ba ne, amma abin da bango ke ji a ƙasansu daidai yake: tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Zurfi kaɗai ke magana, faɗi ba ruwansa. In Malama ta ce nauyi, yaro zai tashi da cewa faɗin tafki ne ke sa a kauraro bango. Sannan nauyi ƙasa yake ja, bango kuwa daga gefe ake tura shi. Ni matsi zan ce. Matsin ruwa.

Malam Lawal: Tun kafin a je nan, mene ne "dam"? Madatsar ruwa ta mutu ne? Muna neman kalma ɗaya muna zubar da wata. Game da tambayar, na daɗe da ƙirƙiro tawa: dannau, daga danna, a siffar fiddau da ire-irensa da kakanninmu suka gina harshe da su. Matsi ya riga ya gaji, matsin tattalin arziki, matsin lamba, matsin gida.

Ummi Zariya: Malam, dannau da ke danne mutum cikin barci? A ce wa yara dannau na ƙaruwa da zurfi, wallahi babu mai sake shiga rafi.

Malam Lawal: Kalma ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana biyu? Dariya ba hujja ba ce, 'yata.

Ummi Zariya: To ai da hujjar ma'ana biyu kuka kori matsi yanzu, Malam.

Injiniya Kabiru: Ko ba aljani, danna daga sama zuwa ƙasa ne. Wanda aka matse a motar haya kuwa ta ko'ina yake ji, dama da hagu. Haka ruwa yake. Ka nutsa cikin kogi, kunnenka ne zai fara ciwo, kuma kunne a gefe yake.

Sale Magini: Ni ban san Hausar boko ba, mu a wurin aiki firesha muke cewa, mai faci ma haka. Amma Injiniya, ga tawa. Na taɓa gina wa wani tanki da bulo inci shida, tsayi mita ɗaya, ya shekara lafiya. Ya ce a ƙara ya kai mita biyu, na ɗora bulo a kai. Ran da aka cika shi, kafin la'asar layin danshi ya fito a jerin bulo na ƙasa, kusurwa ta buɗe. Ya ce siminti na ci. Ninki biyu kawai muka yi fa.

Injiniya Kabiru: Ba ka ci siminti ba, Malam Sale, lissafi ne ya ci ku. Ruwa mita ɗaya: a sama ba matsi, a ƙasa tan ɗaya kan murabba'in mita, tsaka-tsaki rabi. Ke nan kowace mita ta tsawon bangon tana tare rabin tan. Da ka kai mita biyu, matsin ƙasa ya ninka, fuskar bangon da ruwa ke taɓawa ita ma ta ninka, sai abin ya zama tan biyu. Ninki huɗu ke nan. Kuma turin ba a tsakiyar bango yake taruwa ba, a kashi ɗaya cikin uku na zurfin yake, in an auna daga ƙasa. Wannan wurin ma ya ƙara nisa da gindi sau biyu, don haka ƙarfin da ke son kifar da bangon ya ninka takwas. Bulo da kwaɓi suna jure a danne su, ba sa jure a ja su, shi ya sa tsagar ta bi layin ƙasa a kwance. Irin wannan tsayin kankare da rodi yake so, rodin ya fito daga cikin daɓen, a fi yawaita shi daga ƙasa.

Malama Hadiza: Tsaya Injiniya, ka ce matsi, ka kuma ce turi. Abu biyu ne?

Injiniya Kabiru: Biyu ne. Matsi shi ne rabon kowane ɗan fili na bango. Turi shi ne jimillar a kan bangon duka. Ninka zurfi, matsi ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu.

Ɗan Maraɗi: Mu nan baraji muke cewa ba dam ba, tankin sama kuma shato. Kullum ku 'yan Najeriya kuke zama ku yanke, mu sai dai mu ji a rediyo. Firesha ɗinku ba wanda ya san ta a nan. Matsi dai kowa zai gane.

Malam Lawal: Kun gani? Ɗaya ya aro daga Ingilishi, ɗaya daga Faransa. Bahaushe ya haƙa rijiya gaba goma kafin Bature ya zo, a ce ba shi da kalma?

Sale Magini: Malam, siminti da bulo da tanki fa? Ko da jar ƙasa za mu koma?

Abban Walid: Ni har yanzu ina da ja. Na je Tiga, ai tudu ne kawai na ƙasa, gindinsa ya fi tsayinsa nesa ba kusa ba. Duk matsin ne?

Injiniya Kabiru: Ba duka ba. Tiga, da aka gama a 1974, tarin ƙasa ce da aka daddaɓe, kuma ƙasa ba ta tsayawa a miƙe ko babu ruwa, dole ta yi gangare. Faɗin gindin kuma yana tsawaita hanyar ruwan da ke tsatsafowa ta ciki, don kada ya fita da ƙarfi yana kwashe ƙasa. In an ga ruwa na ɓulɓulowa a bayan irin wannan bango da laka a cikinsa, alamar haɗari ce. Malama, in misali mai tsabta kike so, ɗauki sashen kankare na Kainji, wanda nauyinsa ke riƙe shi. Kuma ki huda gwangwani wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ki cika shi. Ki ɗora shi a gefen tebur. In kin ajiye a ƙasa, ruwan hudar ƙasa zai taɓa daɓe tun bai yi nisa ba, yara su ce ta tsakiya ta fi ƙarfi.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "Matsin ruwa na ƙaruwa da zurfi, shi ya sa bangon madatsar ruwa ya fi kauri daga ƙasa." Turi zan ajiye wa jimilla. Zan faɗi firesha sau ɗaya saboda jarrabawa da Turanci suke yi.

Malam Lawal: Madalla da madatsa. Matsi kuma aro na ba ku zuwa gobe, ban janye dannau ba.

Ɗan Maraɗi: Turi ɗin nan fa, ba tunkuɗa ya kamata ba?

Malama Hadiza: An kira salla. Bari in nemo gwangwani.