Firjina yana ta ƙas-ƙas da daddare duk da akwai sitabilaiza, wane iri zan saya?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Wutar layinmu ba ta zama waje ɗaya, da magariba ƙwan ɗaki har ja yake yi fanka tana juyawa da ƙyar, can tsakar dare kuma sai ta dawo da ƙarfi har tsoro take ba ni. Ina da sitabilaiza 1000VA, firji da tibi da dikoda duk a kanta suke, to tibin lafiyarsa lau amma firjin da daddare sai ya yi gunji kaɗan sai ka ji ƙas ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake, haka zai yi ta yi, kayan ciki duk su saki. Da rana kuma yana sanyi sosai. Sitabilaizar ce ta yi kaɗan ko firjin ne ya fara mutuwa? In sabuwa zan saya wacce zan nema?

Ɗan Auta: Wa'alaikumussalam Anti. Ta yi kaɗan ne kawai, 1000 ai na tibi ne. Ki sayi 5000VA ki huta, ni ita na sa, komai na kai har dutsen guga kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Malam Sule mai gyaran firji: Hajiya kafin ki sayi komai, fara cire firjin nan daga wuta da zarar magariba ta yi har a gano matsalar. Wannan ƙas ɗin da kike ji wani ɗan ƙaramin abu ne a jikin kwamfuresa, obalod muke ce masa, in kwamfuresa ta yi yunƙurin tashi ta kasa sai ta ja wuta da yawa ta yi zafi, shi kuma ya yanke don kar ta ƙone, in ya huce ya sake haɗawa. Tunda da rana yana sanyi to da alama kwamfuresar da ranta, amma in aka bar ta tana wannan kokawar kullum wayar cikinta za ta dahu, na canza irinsu ba adadi.

Abu uku nake so ki duba min. Ki samu mai mita, malti mita ɗin nan na masu gyara, ya auna soket ɗin bango lokacin da wutar ta fi yin ƙasa, ya sake aunawa lokacin da ta fi ƙarfi. Sannan bayan sitabilaizar akwai inda aka rubuta Input, ki karanto min lambobin. Sai takardar da ke manne a bayan firji ko cikinsa, akwai lamba mai A a ƙarshe.

Maman Ikram: To Malam, ƙanen maigidan ya zo da mita jiya. Ƙarfe takwas na dare 128 ya nuna, wajen ɗaya na dare kuma 252. Bayan sitabilaiza an rubuta Input 140-260V. Firjin 1.1A. Tibi 75W, dikoda 15W. Ya kuma auna abin da ke fitowa daga sitabilaizar lokacin 128 ɗin, 185 ne, kuma da firjin ya yi gunjin nan a gabanmu lambar ta zube zuwa 160 da wani abu sai ga ƙas ɗin.

Malam Sule mai gyaran firji: Yawwa, ai kin gama aikin. Matsala biyu ce ta haɗu miki.

Ta farko, sitabilaizarki daga 140 take iya ɗagowa, ke kuma wutarki tana sauka 128, ta fita daga hurumin ta kenan, shi ya sa 185 kawai ta iya ba ki. Ko 5000VA ɗin da Ɗan Auta ya ce kika saya, in ita ma 140-260 aka rubuta a bayanta, wannan 185 ɗin za ta ba ki ko ta yanke gaba ɗaya. Girman VA daban, inda take fara ɗagowa daban, kuma mutane VA kawai suke kallo a kwali. Ke mai farawa daga 100 za ki nema, in kin samu mai 90 ko 80 ma ya fi, don ba ki san ranar da za ta fi 128 ɗin sauka ba.

Ta biyu ita ce wadda masu sayarwa ba sa faɗa. 1000VA ɗin nan sai wuta tana kusa da 220 take cika 1000. Wayar da aka naɗa a cikinta akwai iya am ɗin da za ta ɗauka, wajen 4.5 ga mai 1000VA. To 4.5 sau 220 shi ne 1000 ɗin, amma 4.5 sau 128 bai kai 600 ba. Wato da magariba taki ta koma kamar mai 580VA. Yanzu dubi firjin, 1.1 sau 220 ya ba mu 242VA in yana tafiya, wannan ba komai ba ne. Amma daƙiƙar da kwamfuresa za ta tashi tana jan ninki biyar na haka ko fiye, mu ce 1200VA. Kin ga 580 ba za ta tallafi 1200 ba, shi ne kika ga lamba ta faɗi 160, kwamfuresa ta kasa juyawa.

Da wannan lissafin 2000VA a wuta 128 za ta ba ki wajen 1160, firji shi kaɗai za ta tayar da shi tunda jan na ɗan lokaci ne, amma a bakin gaɓa take. 3000VA za ta ba ki sama da 1700, ita ce hankalina ya fi kwanciya da ita, musamman in za ki bar tibin a kai.

Ɗan Auta: To ai Malam maganata ce ka dawo kanta, babba dai. In 3000 ta yi kyau 5000 ta fi.

Injiniya Bala: Ɗan Auta ba lallai ba. Duba filogin da ake sawa a bango, fiyus ɗinsa 13A ne. 13 sau 128 wajen 1660VA kenan, iya abin da soket ɗin zai iya bayarwa kenan a wannan wutar, ko wace irin sitabilaiza ka jona. Mai 5000 in ana so a ci moriyarta sai an ja mata waya mai kauri daga allon wutar gida. Kuma dutsen gugan da ka ce kana sawa, taɓa filogin sitabilaizar lokacin da wuta ta yi ƙasa ka ji ko ya yi zafi, in ya yi ko ka ga bakin soket ya fara baƙi ka daina wallahi, gobara daga nan take farawa. Sitabilaiza ba ta ƙirƙiro wuta, duk abin da ta ƙara a bolt sai ta jawo shi a am daga bango.

Maman Ikram ni tibinki ba ya damuna ta ɓangaren ƙarancin wuta. Duba bayansa, yawancin masu falan-falan ɗin nan an rubuta 100-240V, shi ya sa kika ga lafiyarsa lau. Abin da ke kashe shi wuta mai yawa ce. 252 ba ta kai abin tashin hankali ba amma ta nuna layin yana hawa, don haka ki tabbata wadda za ki saya tana yankewa da kanta in wuta ta wuce ƙima, ba duka ke yi ba.

Hajiya Talatu: Wannan magana ta Injiniya gaskiya ce. Mu ranar da abin ya same mu da rana tsaka ne, ƙwai biyu suka fashe, fanka ta ɗauki gudu kamar za ta tsinke, sai warin ƙonewa. Tibin falo yana kan sitabilaiza amma ita da shi duk suka tafi. Firjin kicin da ke kan ɗan ƙaramin abin nan da ake sawa a soket, firji gad, ko ƙwarzane bai yi ba don yankewa ya yi. Mai gyara ya ce wayar nutural ce ta tsinke a fal, gidajen layin wasu wutarsu ta haura 300 wasu kuma ta yi ƙasa. Tun daga nan gad nake fara sawa a bango sannan in jona sitabilaiza a jikinsa.

Injiniya Bala: Hajiya dabarar tana da kyau amma ga Maman Ikram akwai gyara. Gad ɗin da aka saba gani yana yankewa in wuta ta yi ƙasa ma, wajen 180 ko kusa da haka, to in ta sa shi a bango duk magariba zai kashe komai, sitabilaizar ba za ta ma ga wutar da za ta ɗaga ba. Ita sai dai ta sa shi tsakanin sitabilaiza da firji, ko ta nemi irin wanda ake saita masa lambar sama da ta ƙasa da hannu.

Abban Hanif: Ni fa shawarata ki haɗa sola da inbata kawai, batir biyu sun ishe ki, duk wannan wahalar ta ƙare. Mu tunda muka haɗa ba mu san an ɗauke wuta ba.

Maman Ikram: Abban Hanif Allah ya hore mana, amma yanzu dai sitabilaizar nake tambaya, wutar ai tana zuwa, ƙarfi ne babu. Malam Sule akwai wani maɓalli a gaban tawa an rubuta Delay, ni kashe shi nake yi saboda yara ba sa iya jiran tibi ya kawo. Yana da amfani ne?

Malam Sule mai gyaran firji: Kai Hajiya, wannan maɓallin saboda firji aka yi shi. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, gas ɗin cikin bututu yana matse ta gefe ɗaya, kwamfuresa ba za ta iya turawa ba sai ya daidaita, kuma wajen minti uku yake ɗauka. Ɗan abin da ke tayar da ita ma sai ya huce. Ki kunna shi, in akwai zaɓi tsakanin daƙiƙa 6 da 180 ki sa 180. Shi ya sa ni na fi son a raba, sabuwar ta firji shi kaɗai da jiran minti uku, tsohuwar 1000 ɗin ki bar wa tibi da dikoda, 90W ba zai dame ta ba ko a 128. In kin raba haka 2000VA mai farawa daga 100 ma za ta iya, 3000 dai ta fi sarari. Kuma kar a jona ta da siririyar istenshan, kai tsaye a soket ɗin bango, a ajiye ta inda iska ke ratsawa ba a saman firji an lulluɓe da ƙyalle ba.

Ummi Sadiya: Ni tambayata kan ƙarar ce. Tawa in wuta tana rawa ƙat-ƙat-ƙat take yi ba hutawa, hasken ƙwan da ke kanta ma yana tsalle. Aka ce in sayi sarbo wai ita ba ta wannan.

Injiniya Bala: Taki mai rile ce, mataki-mataki take canzawa, kowane ƙat tsallakawa ne daga wani mataki zuwa wani. Sarbo ƙaramin inji ne mai juyawa a ciki yake jan gawayi a kan naɗin waya, fitarta ta fi zama daidai kusa da 220, ni ita nake amfani da ita.

Malam Sule mai gyaran firji: Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Inda wuta ke faɗuwa farat ɗaya sarbo sai ta ɗau lokaci tana juyowa, rile kuwa nan take, kuma gawayin yana cinyewa in kullum cikin kai-komo yake. Firji ba ruwansa da 220 cif, in ya samu 200 zuwa 240 ya gode.

Injiniya Bala: Rilen ma bakinsa yana ƙonewa ai Malam, na buɗe wadda ya manne a matakin ɗagawa, wuta ta dawo daidai ita tana nan tana ƙarawa.

Maman Ikram: Na raba su tun jiya, firjin ina cire shi da magariba kafin in samo sabuwar. Amma wadda aka nuno min 3000VA an rubuta 100-260V a kwali, a bayan ƙarfen kuma 140-260V, wanne zan yarda da shi?

Malam Sule mai gyaran firji: Na jikin ƙarfen Hajiya, ki bar musu ita. Duk wadda za ki ɗauka ki yi sharaɗi da mai ita za ki gwada da magariba, a auna fitarta lokacin da firji ke tashi, in ta faɗi ƙasa da 190 ki mayar.