Neman kalma: layukan jadawali biyu, idan za a kwafe shi daga hoto

Malama Hadiza, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibaina, waɗanda akasarinsu 'yan kasuwa ne, yadda ake kwafe jadawali daga hoton da aka turo musu a waya zuwa rubutu zalla ba tare da ya hargitse ba, kuma dole in miƙa takardar darasin a buga kafin Alhamis. Abin da ya tsaya mini shi ne kalmomin da suke gani a Excel, wato `Row` da `Column` da `Cell`. Idan na ce "layi" ga na farko, me zan kira na biyu, alhali shi ma layi ne?

Yakubu, Kawo: Wa alaikumus salam, Malama. Ni "layin kwance" da "layin tsaye" nake cewa a shagonmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya nemi ƙarin bayani ba. Game da kwafewar, ki sa su riƙa danna tazara har lambobin su daidaita ƙarƙashin juna, haka nake yi.

Injiniya Bashir: Kalmomin Malam Yakubu sun yi, amma shawararsa ta tazara tana da iyaka, domin ba ta tsayawa sai a salon haruffan da faɗinsu ɗaya ne, irin Courier New. Da zarar an buɗe rubutun a wata wayar, sai lambobin su goce. Kafin a zaɓi kalma, Malama, ya kamata a ga inda aikin yake lalacewa. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto baƙaƙe take gani, kuma inda babu baƙi sau da yawa ba ta barin wata alama. A ɗauka hoton yana da kai huɗu: kaya, mudu, ragi, jimla. Masara mudu 10, an yi ragin 500, jimla 11,500. Wake mudu 5, ba a yi ragi ba, don haka wurin fari ne, jimla 9,000. Abin da manhajar za ta fitar a layin wake shi ne `wake 5 9,000`, kuma idan aka zuba shi a Excel aka raba shi da tazara, 9,000 ɗin za ta zauna a ƙarƙashin ragi, jimla ta zama babu komai. Babu harafin da aka karanta ba daidai ba, amma lissafin ya riga ya ɓaci. Maganinsa shi ne a sa alama tsakanin kowane wuri da na kusa da shi, ko da babu abin da ke cikinsa:

```
kaya|mudu|ragi|jimla
masara|10|500|11,500
wake|5||9,000
```

Tunda kai huɗu ne, kowane layi dole ya ɗauki alama uku. Wanda ya ƙirga ya sami biyu, ya san wani abu ya zame a layin nan. Saboda haka kalma ta uku, wato `Cell`, ɗan akwatin da layin kwance da na tsaye suka haɗu, ta fi sauran muhimmanci a wurina, kuma ina ba da shawarar "gurbi", domin Bahaushe ya san gurbi yana nan ko mai shi ba ya nan.

Hajiya Binta: Idan matsalar hoton ce, ni manna shi nake yi kai tsaye a cikin Word in buga, kuma babu abin da ke motsawa. Me ya sa za a wahalar da ɗalibai?

Malama Hadiza: Hajiya, hoto ba ya tarawa kuma ba a gyara farashi a cikinsa, su kuwa so suke su yi lissafi da lambobin. Injiniya, na karɓi "gurbi". Me ya hana a yi amfani da waƙafi maimakon wannan sandar?

Injiniya Bashir: Kuɗinmu ne ya hana. Waƙafin da ke cikin 11,500 zai raba lambar gida biyu, 11 a gurbi ɗaya, 500 a na gaba, sai layin ya zama mai gurbi biyar. A fayil ɗin CSV, wato jadawalin rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa, ana kauce wa haka da rubuta `"11,500"`, amma mai koyo yakan manta. Maɓallin Tab ma yana aiki, sai dai ba a ganinsa da ido, ba kuma a ƙirga shi cikin sauƙi. Idan za su raba rubutun a Excel da `Text to Columns`, su zaɓi `Delimited`, su sa sandar a akwatin `Other`, kuma su tabbata ba a kunna `Treat consecutive delimiters as one` ba, domin shi ne zai haɗe sanduna biyun nan na layin wake ya shafe gurbin da aka sha wahalar adanawa.

Alhaji Garba, Unguwar Rimi: Na karanta duka, kuma raina bai kwanta ba. "Layi" ba kalmarmu ba ce, ararriya ce, kuma "layin kwance" bayani ne, ba suna ba. Harshen da aka buga jarida da shi tun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, bai kamata ya gaza samar da kalma guda ga abu guda ba. Na daɗe ina kira da a ce "tsayau" ga na tsaye, "kwantau" ga na kwance. Idan ba a so, ga "sahu" nan, wanda kowane yaro ya sani.

Yakubu: Baba, Allah ya ƙara girma, "sahu" ma ai daga Larabci ta zo, haka "jadawali". Me ya sa aron can ya halatta, na nan ya haramta?

Alhaji Garba: Domin waccan ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin malamanmu har ta zama tamu. Ku yaran Kaduna kun saba da cakuɗa harshe a kasuwa, shi ya sa kuke ganin duk abin da aka fahimta ya isa a rubuta shi a takardar darasi.

Yakubu: A Kano da Sakkwato ma layi ake bi a gidan mai, Baba, ba mu kaɗai ba ne.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, "sahu" ta dace da siffar, domin mutane ne kafaɗa da kafaɗa, amma tana koyar da kishiyar abin da muke so. A sahu idan aka ga giɓi matsowa ake yi a cike shi, a nan kuwa matsowar ce ainihin ɓarnar.

Malama Hadiza: Baba, "kwantau" kuma ta yi kusa da "kwantai", kuma ba zan iya ce wa ɗan kasuwa ya rubuta hajarsa a ƙarƙashin irin wannan suna ba. Lokaci ya ƙure mini, don haka zan rubuta "layin kwance", "layin tsaye" da "gurbi". Ita alamar da ke raba gurabe, zan ce "alamar rabawa" har a sami wadda ta fi ta. Zan kuma ƙara matakin ƙarshe, wato su tara layin tsaye na jimla su gwada da jimillar da ke ƙasan hoton, a misalin nan 20,500.

Alhaji Garba: "Gurbi" Hausa ce tsantsa, ban da ja a kanta. Sauran biyun ki rubuta su tunda Alhamis ta matso, amma ban yarda an gama maganar ba, kuma ina roƙon ki ambaci "tsayau" ko sau ɗaya ne a aji, ki gaya mini yadda suka karɓe ta.