Na girmi uwargidan da zan tarar, da wane suna zan kira ta?

Mai Jiran Tarewa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Ni bazawara ce, shekarata 34, bayan salla zan tare. Uwargidan shekararta 29, 'ya'yanta uku, kuma gida ɗaya za mu zauna, kowa da sashenta. Ran da aka kai ni gaishe ta bakina ya kasa furta komai, sai "ina wuni" kawai na yi ta maimaitawa. Mahaifiyata ta ce in ce mata Yaya, ƙawata ta ce Anti ya fi, ni kuma duka biyun nauyi suke yi mini tunda na girme ta. Ku da kuka zauna da abokiyar zama, me kuka ce, kuma me ya biyo baya?

'Yar Gayu:
Wa alaikumus salam. Anti za ki ce kawai, shi ake yayi yanzu, kuma ya fi Yaya girmamawa. Yaya ai sai a ƙauye.

Gwaggon Yara:
'Yar Gayu, kin faɗi rabi. Anti ake yayi, haka ne, amma bai fi Yaya girmamawa ba, aikinsu ne daban. Anti kowa ana ce masa: malamar makaranta, mai kitso, matar da kika tarar a layin asibiti, har uwar ɗakin 'yar aiki. Suna ne na wadda kike ganin girmanta amma ba ki shigar da ita cikin danginki ba. Yaya kuwa in kika faɗa, kin ɗora wa kanki ƙanwantaka, ita kuma kin ɗora mata nauyi. Za ta iya aikenki, za ta iya yi miki faɗa, ke kuma kina da damar kai mata kuka, in kin haihu ita ce a gaba wajen hidimar suna.

Maganar shekaru kuma, 'yata, cire ta daga ranki. A gidan miji ba da shekaru ake lissafi ba, da shigowa ake yi. Dubi faccaloli: matar wa ita ce babba ko da matar ƙane ta ba ta shekara goma. Ni na tarar da uwargida wadda sa'ar ƙanwata ce, na ce mata Yaya tun daren da aka kai ni. Da farko kunya take ji, sai ta amsa tana rufe fuska da mayafi. Amma ita ta fara ce wa yaranta su daina kiran sunana gatsau, ba tare da na roƙa ba. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne, kada ki fara abin da ba za ki iya riƙewa ba. In kika yi wata shida kina Yaya, ranar da kuka saɓa kika koma "Maman wane", duk gidan sai ya ji, har maƙwabta za su gane an yi wani abu. Sauya sunan ya fi sunan kansa magana.

Ɗan Kwari:
Ni dai wannan kalma ta Yaya ta ƙone ni. Yarinyar da nake nema, duk lokacin da na je zance "Malam" take ce mini, ko ta ƙi kiran sunan gaba ɗaya, ina jin daɗi don na san kunya ce. Rana ɗaya na je ta fito tana fara'a, "Yaya sannu da zuwa, ya kasuwa?" Daga nan ta fara ba ni labarin wani ɗan ajinsu tana neman shawarata. Ban ƙara komawa ba.

Mai Jiran Tarewa:
Allah Ya ba ka wadda ta fi ta, Malam, amma tambayata kan kishiya ce.

Uwargida Ran Gida:
Bari ku ji daga ɗaya ɓangaren. Tawa amaryar Yaya take ce mini, kuma wallahi da ta bari ya fi mini. Sai maigida yana falo za ki ji "Yaaaya, in kawo miki ruwa?" da jan murya, in ya fita ko gaisuwa sai ta ga dama. Gane na gaskiya ba wuya: saurari yadda take kiranki a waya da 'yan gidansu. Tawa na taɓa jinta tana cewa "waccan matar". Da ta ce mini Maman Abba tun farko, kowa ya san matsayinsa, babu wanda zai ce an yi masa fuska biyu. Ni a ganina Maman wane shi ne tsaka-tsaki, ba raini, ba kuma ƙaryar zumunci.

Gwaggon Yara:
Tsaka-tsaki ne, amma akwai tarko a ciki. In Abban nan ɗan fari ne, a gidajen da har yanzu ake alkunya ita uwar ba ta faɗin sunansa, wasu ma ba sa son a jingina su da shi a gaban surukai. Sai a tambaya a ji wane yaro ake kiranta da shi. Kuma wadda ba ta haihu ba, wannan hanyar a rufe take, kada ma a gwada.

Baƙuwa Daga Yola:
Mu a wajenmu Adda za ki ce, kuma ya fi sauƙi a baki don ana haɗa shi da suna. Ko a Hausa na lura haɗawa da suna yana rage nauyin. "Yaya" shi kaɗai na wadda ta zama babbar gida ce gaba ɗaya, in kika ƙara sunanta a baya sai ya zama girmamawa ta yau da kullum, irin wadda ake yi wa ƙawar yayarki. Wataƙila nan ne mafitarki tunda kin girme ta.

Malamar Firamare:
Ku yi tunanin yaran ma. A makarantarmu duk malama Anti ce, duk malami Ankul ne, har direban motar makaranta. To yaron da ya saba da haka, in aka ce masa ga Anti an kawo gidanku, a kansa kina layi ɗaya da mu ne, wadda za a tashi a rabu da ita. Na ga gidan da yaran suka girma har suka yi aure suna cewa "Anti Amarya", alhali matar ta aurar da nata 'ya'yan. In kina son su ɗauke ki uwa, a samo miki suna irin Umma ko Mami, wanda ba shi suke kiran mahaifiyarsu da shi ba. Amma kada ya fito daga bakinki, uwarsu ko kakarsu ce za ta raɗa.

Uwargida Ran Gida:
Wannan kam ban yarda ba. 'Ya'yana uwa ɗaya gare su. Anti ya ishe ta.

Mai Jiran Tarewa:
Na gode muku duka. Na yi magana da ƙanwar maigidan, ta ce duk dangin da sunan ɗanta na biyu suke kiranta, kuma ita da kanta ta taɓa cewa ba ta son Anti. Ina jin zan fara da Yaya haɗe da sunanta in ga yadda za ta karɓa. Na yaran kuwa ban san ta inda zan ɓullo ba, don babbar tasu ta riga ta fara ce mini Anti a waya. Gwaggo, in kakarsu ta raɗa mini wani suna, uwarsu ta ƙi, wa ake bi?