Neman kalmar Hausa: me za mu kira "malaffin injazi" na ɗaliban gwajin koyarwa?

Ɗan Jarwal: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ranar Alhamis bayan Isha zan zauna da ƙannenmu da za su fita gwajin koyarwa, wato tarbiyya maidaniyya, kuma sun roƙi in rubuta musu bayanin malaffin injazi da Hausa, shafi biyu. Wasunsu daga gida ƙasar Hausa suka zo nan Saudiyya, Larabcin littafi suke ji, na ofis yana ba su wuya. Kalmomi huɗu suka tsayar da ni: shi malaffin kansa, wanda Turawa ke ce wa fotfoliyo, da shawahid ɗin da ake sa wa a ciki, da ɗan rubutun da ake yi ƙarƙashin kowane abu, sai kifayat da ake danganta su da su. A taimaka kafin daren Laraba.

Abu Ammar Madina: Wa alaikumus salam. Na farkon ai mai sauƙi ne: kundi. Kundin gwajin koyarwa. Shawahid kuma shaidu.

Na Karantina: Ba fayil ɗin takardun neman aiki kuke nufi ba? Mu a nan Jidda fayil kawai muke cewa. Ka jera shahadarka ta digiri, da ta kwasa-kwasai, da kwafin iƙama, shi ke nan.

Ɗan Jarwal: A'a Yaya, wannan daban. Wannan mushrif, wato malamin da ke sa ido kan gwajin, shi ne ke dubawa ya ba da maki a ƙarshen zango, ya ga ko ɗalibi ya iya koyarwa.

Baffan Hausa: Kundi ya riga ya zama na masu kammala digiri, in ka faɗa kowa littafin bincike zai kawo a ransa. Fayil kuwa aro ne. Muna da tamu: gafaka. Jakar fata da almajiri ke sa Alƙur'ani da littattafansa, ya rataya ya tafi gaban malami. Gafakar malami. Na daɗe ina kiran wannan kalma a zaurukan nan, ba a ji.

Hajiya Mushrifa: Ɗana, kafin ku zaɓi suna ku dubi abin da ake yi da shi, don na duba irin waɗannan da yawa lokacin ina aiki. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne su ɗauke shi wurin ajiya. Sai a kawo mini mai kauri kamar matashin kai: duk tsarin darasin zango, hoton bango da aka ƙawata, takardar halartar kowace bita. In buɗe in rufe ban ga inda yaro ɗaya ya koyi wani abu ba. Abin da ake so zaɓe ne. Cikin darussan zango ka ɗauko kaɗan waɗanda ke nuna ka yi wani abu da gangan, kuma ga abin da ya haifar. Duk sunan da zai sa ɗalibi ya ji "tara", ina tsoronsa. Gafaka da jaka da taska duk tarawa suke nunawa.

Baffan Hausa: Hajiya, da girmanki, almajiri ba ya zuba shara a gafaka. Mafi daraja yake sa wa.

Hajiya Mushrifa: Gaskiya ne Malam. Amma yaron da aka haifa a Misfala ko Shari'u Mansur bai taɓa ganin gafaka ba, sai an sake yi masa wani bayanin.

Baffan Hausa: To laifin wa? Ku kuka bar 'ya'yanku suna "ya'ani" da "ɗayyib" a kowace jimla, sannan a ce kalmar kakanninsu ce baƙuwa.

Na Karantina: Baffa a yi mana adalci. Kakata da ƙafa ta zo ƙasar nan ta hanyar Sudan, kuma har ta rasu Hausa take mana. Hausarmu ba ta fi ta Kano ba, amma ba ta kasa ba. Ku can ba "ticin firaktis" kuke cewa ba?

Abu Ammar Madina: Kuma in za a kori Larabci, Baffa, darasi da malami da littafi da shaida duk sai su bi ayari.

Baffan Hausa: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu, sun zama 'yan gida. Malaffi jiya ya zo.

Ɗan Jarwal: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Shaidu fa, an yarda?

Hajiya Mushrifa: Shaidu a kunnen Bahaushe mutane ne, na ɗaurin aure ko na gaban alƙali. Ni hujja nake so, hujjoji. Bari in ba ku misali ku ga dalili, don a nan ne ɗan rubutun nan na ƙasa yake aiki.

A ce ɗaliba ta koyar da tara ɓangarori a ajin firamare. Minti biyar kafin a tashi ta ba da tambaya ɗaya a 'yar takarda: 1/2 + 1/3. Cikin yara 28, sai 11 suka rubuta 2/5, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Washegari ta sauya tsarin darasinta. Ta ba kowace yarinya doguwar takarda ta naɗe gida shida, suka ga rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimla 5/6. Ta sake ba da tambaya makamanciyar ta jiya, 1/2 + 1/4, sai 4 kawai suka kuskure.

Me za ta sa a ciki? Abu uku: takardar yarinya ɗaya ta ranar farko da ta rana ta biyu gefe da gefe, da shafin tsarin darasi inda gyaran yake da rubutun hannunta, da ɗan jadawalin ƙidayar. Ba ta bukatar takardu 28. In ta sa takardar yarinyar ita kaɗai, ni takardar lissafi kawai na gani. Rubutun ƙasa ne zai mai da ita hujja, kamar haka:

"Amsar ɗaliba ɗaya kafin gyara da bayansa, darasin tara ɓangarori, mako na shida. Ɗalibai 11 cikin 28 sun tara lambobin ƙasa, don haka na jinkirta darasin gaba na koma kan daidaita su ta naɗa takarda. Masu kuskure sun ragu zuwa 4, kuma su na ware wa ƙarin aiki. Wannan yana nuna amfani da sakamakon aunawa wajen gyara koyarwa. A dubi layin da na ja a tsarin darasi."

Kun ga ya faɗi mene ne abin, da yaushe, da abin da ta yanke da dalilinta, da abin da ya biyo baya, sannan ya nuna mini inda zan sa ido. Jimla huɗu ko biyar sun isa. Wanda ya rubuta "hoton ɗalibai suna aikin rukuni" bai gaya mini komai ba, ina da ido.

Abu Ammar Madina: Ma sha Allah. To wannan ai take ne, kamar taken hoto a jarida. Kuma hujja mai kyau irin wannan sai a danganta ta da dukkan kifayat ɗin, ta cike gurbi da yawa.

Hajiya Mushrifa: Na biyun nan kada ka koya musu shi, Ustaz. Ma'aunan malamai na Hukumar Tantance Ilimi da Horarwa ta nan Saudiyya goma ne a fanni uku: ɗabi'u da nauyin sana'a, da ilimin sana'a, da aikin sana'a a aji. Misalin nan gidansa aunawa, yana iya leƙa tsara darasi, iyakarsa ke nan. In na ga abu ɗaya an rataya masa ma'auni shida, na san ɗalibin bai gane ko ɗaya ba. Ya yi jadawali a shafin farko, ma'aunai a jere, gaban kowanne lambar hujjarsa da shafinta. Inda ya ga fili babu komai, tun zango bai ƙare ba sai ya nemi abin sa wa, misali takardar da malamin ajin ya cike ranar da ya zauna kallon darasinsa. Sannan ya bi takardar da kwalejinsa ta ba shi, don jerin wata kwalejin yakan bambanta da na wata.

Take kuwa gajere ne, suna kawai yake bayarwa.

Baffan Hausa: Hashiya. Abin da malamanmu ke rubutawa a gefen littafi don warware matani.

Na Karantina: Baffa, hashiya Hausar Daura ce?

Baffan Hausa: Ta zaure ce, kuma ta fi ka daɗewa a Hausa.

Ummu Hanan: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni yanzu nake gwajin, a makarantar mata, kuma shugabar ta hana ɗaukar hoto a aji sam. Ƙawayena na cewa malaffi babu hoto ba ya samun maki. Haka ne Mama?

Hajiya Mushrifa: Ba haka ba ne 'yata. Hoton fuskokin yara shi ne mafi raunin hujja, kuma ba hakkinki ba ne ki yaɗa shi. Ki nemi izini ki ɗauki allon bayan an tashi, ko aikin hannun yara. Ki rufe sunan yarinya kafin ki yi kwafi, ki rubuta "ɗaliba ta 1". Haka takardar maki, kada sunaye su fito.

Ummu Hanan: Na gode Mama. Darasin da ya lalace fa, shi ma ana sa wa?

Hajiya Mushrifa: In kin gyara shi daga baya kuma gyaran yana nan a rubuce, ki sa. Misalin da na kawo ai da kuskuren yara 11 ya fara.

Ɗan Jarwal: Saura kifayat. Na rubuta ƙwarewa.

Abu Ammar Madina: Ƙwarewa ta yi wa ɗalibin zango ɗaya yawa. Ƙwararre sai wanda ya shekara yana yi. Iyawa ta fi, ko iya aiki.

Na Karantina: Cancanta fa?

Abu Ammar Madina: Cancanta hukunci ne da ake yankewa a ƙarshe. Ba za ka ce cancantar tsara darasi ba, amma za ka ce iya tsara darasi, iya tafiyar da aji, iya auna ɗalibai.

Hajiya Mushrifa: Wannan ya zauna a baki. Sai dai ku bar ma'auni daban: iyawa tana jikin malami, ma'auni shi ne rubutaccen abin da ake gwada ta da shi.

Ɗan Jarwal: To ga abin da zan buga: kundin hujjojin koyarwa, hujja, bayanin hujja, iyawa, ma'auni. A farkon shafi zan ambaci malaffin injazi sau ɗaya don su gane shi a bakin mushrif. Na sa "hujjoji" ne don ya rabu da kundin digiri, kamar yadda Baffa ya yi gargaɗi.

Baffan Hausa: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Bayanin hujja kuma kowa na iya faɗa, babu gishiri. Ka buga, tunda Alhamis ta matso, amma ni a ajina gafaka zan ci gaba da cewa.

Abu Ammar Madina: Ni ma kundin bai gama kwanta mini ba in abin a kwamfuta yake, babban fayil ne da ƙananan fayiloli a ciki. Namu ta hanyar liƙau muke miƙawa.

Ɗan Jarwal: Wannan sai bayan Alhamis, Ustaz. Hajiya, in kin yarda zan sa misalin 2/5 ɗin nan a shafi na biyu yadda kika rubuta shi.

Hajiya Mushrifa: Ka sa, amma ka gaya musu misali ne. Kowa ya ƙirga yaran ajinsa ya rubuta nasa adadin.