Kusurwar da haske ke daina fita: wane suna za mu ba ta?

Malama Binta: Salamu alaikum. Gobe da safe nake da darasin fizik a aji biyu na babbar sakandare, kuma ina so in fara da Hausa. "Kiritikal angul" ce ta tsaya mini a wuya. Wani ya ce in ce "kusurwa mai hatsari", amma hatsarin mene ne?

Malam Sani: Babu hatsari, Malama, iyaka ce. Hasken da zai fita daga ruwa zuwa iska, in ka yi ta kwantar da shi, akwai inda zai kai sai ya daina fita, ya koma cikin ruwan kakaf. A ruwa wajen digiri 49 ne, a gilashin taga wajen 42. Ni "kusurwar iyaka" nake cewa.

Auwalu: To ai faiba, wayar nan da haske ke bi ta cikinta, madubi aka shafa mata a ciki, ko ba haka ba? Ku ce "madubin ciki" a huta.

Malam Sani: Auwalu, babu madubi. Gilashi ne kala biyu, ɓargo a tsakiya, riga a waje, kuma haske ya fi gudu a rigar. Kowane gilashi na da lambar da ke nuna yadda yake rage wa haske gudu: ɗauki ta ɓargo, n1, 1.48, ta riga, n2, 1.46. Da sin c = n2/n1 za ka samu kusurwar iyakar, wato c, kimanin digiri 80.6. Malama, ki jaddada musu cewa daga layin da ya tsaya cak a kan bangon ake aunawa. Wato sai hasken ya kusa kwanciya da bango, bai karkace ya wuce digiri 9 da ɗoriya ba, sannan yake kulluwa.

Alhaji Garba: Tun da aka ce "faiba" na san an kauce. Zaren gilashi! Dawowar hasken ciki kuma "amsa-kuwwar haske", na daɗe ina faɗa. Muna da harshe kamar Hausa muna bara?

Hadiza Damagaram: Alhaji, kuwwa kunne ke jin ta. Kuma bango na shanye wani abu daga cikinta, nan ko duka ne ke komawa. "Duka" ɗin nan shi ne darasin.

Alhaji Garba: 'Yata, ku da Faransanci ya cinye ne za ku gyara mana Hausa?

Hadiza Damagaram: Mu ma a nono muka sha ta, Alhaji.

Auwalu: Na karɓi gyara. Yanzu na gane abin da nake gani wurin aiki. In muka haska jan leza a wayar, duk inda wani ya naɗe ta da ƙarfi a bayan tebur sai wurin ya yi ja kamar garwashi. Ashe lanƙwasar ce ke sa hasken ya doki bango a miƙe, ya sulale.

Malama Binta: Wannan misalin zan kai aji. Na ɗauki "kusurwar iyaka". Dawowar hasken kuma zan ce "komawar haske ciki gaba ɗaya", ko da yake ta yi tsawo a allo.

Alhaji Garba: Iyakar na yarda. Amma zaren gilashi za ki rubuta.

Malama Binta: Yaran faiba suka sani, Alhaji. Zan rubuta duka biyun.